Bakin Mai Gabatarwa a Bikin Nunin Tufafi

A bikin nunin tufafi irin wanda telolin unguwa ke shiryawa a Kano, mai tallar kaya ba ta wuce rabin minti kan dandamali. Cikin wannan ɗan taƙin mai gabatarwa zai gaya wa na kujerar baya abin da idonsu ba ya kaiwa. Shi ya sa ake rubuta jawabin tun kafin ranar, ana daidaita shi da takun mai kaya: sunan yadi idan ta fito, ɗinki idan ta juya, sai inda kayan suka dace da shi lokacin da take komawa.

Ga yadda ya kamata ya fito:

"Jama'a, wannan shadda ce fara da ta sha rinin baba a Ƙofar Mata, ta sha bugu har tana ɗaukar ido. Bubu ce mai faɗin hannu, ba a tsuke ƙugu ba, aikin zare a wuya kawai ya tsaya. Ku duba yadda take zuba idan an juya. Kayan uwar biki ne, mai zama ana zuwa gaishe ta."

Babu "haɗaɗɗe", babu "na gani na faɗa". Irin waɗannan kalmomin sun dace da kowace riga, don haka ba sa gaya wa kowa komai. Amma da aka ce ba a tsuke ƙugu ba, duk matar da ke neman abin sakewa ta san an zo wurinta.

Na maza ma haka ne: "Babbar riga ta saƙi, aska takwas a ƙirji, aikin hannu, da hula zanna. Shigar hawan salla ce." Sai ya yi shiru, a bar rigar ta yi tafiyarta. Idan atamfa ce, a faɗi ko turmi guda, wato yadi 6, ya fitar da riga da siket har da ɗankwali, domin lissafin da masu saye ke yi a zuci ke nan.

Wurin da ake yawan jin kunya shi ne sunan yadi. Fitilar dandamali tana sa shadda mai araha ƙyalli, mai gabatarwa ya kira ta gezna, alhali a zauren akwai 'yan Kantin Kwari da ke gane ta daga nesa. Maganin abin shi ne ya shiga bayan labule tun da wuri, ya taɓa kayan, ya tambayi tela. Kowace shiga kuma a ba ta katinta daban mai lamba, saboda zif na iya ɓallewa a sauya jeri, ta bakwai ta rigayi ta biyar fitowa.

Yabo kuwa a kan tufa yake tsayawa. Ba a siffanta jikin 'yar mutane a lasifika, iyayenta na zaune.