Randa mai yoyo: inda tara jari ke tsayawa

Duk wanda ya taɓa zuba ruwa a randar da ta tsage a gindi ya san abin da ke faruwa. Da fari ruwan na hawa da sauri. Amma yadda yake ƙaruwa haka nauyinsa ke ƙara matsa tsagar, yoyon na ƙara ƙarfi, har a kai inda abin da kake zubawa daidai yake da abin da ke zurarewa. Daga nan ko ka yini kana zubawa, ruwan ba zai ƙara hawa ba.

Kusan haka Robert Solow, masanin tattalin arziki na jami'ar MIT a Amurka, ya kalli jarin ƙasa a 1956. A shekarar ce kuma Trevor Swan na Ostareliya ya fito da irin wannan lissafi, ba tare da sun haɗa kai ba. An ba Solow kyautar Nobel a 1987. Tambayar da suka amsa ita ce: in al'umma ta ƙara tsuke bakin aljihu tana zuba abin da ta tanada cikin injuna da gine-gine da hanyoyi, arzikinta zai yi ta hauhawa ne har abada, ko akwai inda zai tsaya?

Abu biyu ke sa ya tsaya. Na farko, amfanin jari raguwa yake yayin da yake yawaita. Ka ba telan da ke ɗinki da allura keke, aikinsa zai ninka sau da yawa. Ka ƙara masa na biyu, zai ɗan amfana ranar da na farkon ya lalace. Na biyar kuwa ƙura kawai zai sha. Na biyu, jari na tsufa: inji na cinyewa, rufi na tsatsa, kwalta na farfashewa, kuma wannan lalacewar ba ta sassautawa don kayan sun yi yawa. Mai keke biyar, biyar zai riƙa gyarawa.

Mu ɗauki wani gari na misali, wanda yawan ma'aikatansa ba ya canjawa, kuma muna auna komai da buhun hatsi. Mu kira jarinsa k, abin da yake samarwa a shekara kuma y, mu ce y = 10√k. Alamar √ tana nufin lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da k. Jarin buhu 100 zai ba da 100 ke nan, amma kafin a samu 200 sai jarin ya kai 400. Garin na tanadin kashi 20 cikin 100 na abin da ya samu, kuma kashi 10 cikin 100 na jarinsa na lalacewa duk shekara.

Neman matsayar ba wuya: a daidaita abin da ke shiga da abin da ke fita, wato 0.2 × 10√k = 0.1 × k. In aka raba ɓangarorin biyu da √k, sai a ga √k = 20, wato k = 400. A gwada a gani. Jarin 400 ya ba da buhu 200, an tanadi 40, an ci 160. Lalacewa ta cinye 40. Tanadin duka ya tafi wajen maye gurbin abin da ya lalace, baɗi ma jarin 400 ne. Ko daga ina aka taso, nan za a dawo. In jarin 100 ne, tanadi 20 ya fi lalacewa 10, sai ya hau. In 900 ne, tanadi 60 bai kai lalacewa 90 ba, sai ya sauko.

To, a ce mutanen garin sun ɗaure ciki, sun kai tanadinsu kashi 30. Da wancan lissafin, √k ya zama 30, jari 900, amfani buhu 300, abin ci kuma 210 maimakon 160. Riba ce a fili. Sai dai masu wa'azin tsimi da tanadi ba su cika faɗin abin da ke tsakani ba, kuma nan ne labarin yake. A shekarar farko jarin bai motsa ba tukuna, amfanin 200 ne, amma yanzu 60 ake ajiyewa, abin ci ya faɗo 140. Bayan an cire 40 na lalacewa, 20 kacal jarin ya ƙaru. Shekara bakwai za a yi ana cin ƙasa da yadda aka saba, sai a ta takwas tukunya ta koma yadda take. Rabin ƙarin amfanin da ake nema kuwa sai bayan kimanin shekara 14. Kuma saurin ƙaruwar kullum raguwa yake, har ya mutu a 900. Ƙarin tanadi ya ɗaga matsayar sama, bai kawar da ita ba.

Akwai ma tanadin da ke zama asara. In garin ya ajiye rabin abin da yake samu, jari zai tsaya a 2,500, amfani 500, abin ci 250. In kwaɗayi ya ja shi ya kai kashi 80, jarin zai kai 6,400, amfani 800, amma 640 na tafiya gyara, a bar mutane da 160, daidai da abin da suke ci tun suna tanadin kashi 20. Sun zama bayin injunansu. Edmund Phelps ne ya fayyace wannan gaɓa a 1961, kason tanadin da ke ba da abin ci mafi yawa. Kada dai mai karatu ya riƙe rabi a matsayin doka. Lissafinmu ne ya ba jari wannan nauyin don sauƙin aiki. A ƙasashe da yawa rabon jari a kuɗin shiga ya fi kusa da sulusi, kuma da wannan ma'aunin ƙarin tanadi daga 20 zuwa 30 zai ɗaga amfani da kimanin kashi 22 ne kawai, ba 50 ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga shekarun hawa a ɗauka haka za a ɗore. Jamus da Japan sun yi gudu bayan 1945, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne yaƙi ya rusa jarinsu ya bar su can ƙasa da matsayarsu. Da suka matso kusa, gudun ya ragu. Alamar da ake ganewa ita ce a ga kason da ake zubawa bai ragu ba, amma kowane sabon jari na kawo ƙarin da bai kai na bara ba.

Mun ɗauka yawan ma'aikata a tsaye yake, alhali a Najeriya da Nijar jama'a na ƙaruwa da sauri, kuma kowane sabon ma'aikaci na bukatar nasa kayan aiki. Wannan tsaga ce ta biyu a randar. In ma'aikatan garinmu na ƙaruwa da kashi 2.5 a shekara, ana haɗa shi ne da kashi 10 na lalacewa, ya zama 12.5, kuma abin da kowane mutum ke samarwa a matsaya zai ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Kafin a riƙe shi a inda yake, sai tanadin ya tashi daga 20 zuwa 25. Abin da kawai ke sa matsayar ta yi ta gaba shekara bayan shekara, a lissafin Solow, shi ne ci gaban fasaha, wato lambar nan 10 da ke gaban √k ta riƙa girma.

Saboda haka in ka ji an yi alkawarin cewa ƙarin zuba jari zai kawo bunƙasa, tambayi mai maganar nawa ne a ciki zai tafi gyaran abin da ya lalace, kuma shekara nawa za a yi kafin tukunya ta koma yadda take.