Yadda Ake Tsara Waƙar Tuba Ba Tare da Yanke Ƙauna Ba

  

'Yan uwa, ɗalibai kan kawo mana waƙoƙin da suka rubuta don rerawa a walimar sauka ko taron makaranta, kuma da yawa daga cikinsu waƙoƙin tuba ne. Niyyar mai kyau ce, amma aibi guda yake yawan maimaituwa: daga baitin farko har na ƙarshe babu komai sai kabari da wuta da zagin kai. Mai sauraro ya tashi jikinsa a mace, wanda ya daɗe da barin salla kuma ya ƙara jin cewa tasa ta riga ta ƙare.

Muna ganin abin ya samo asali ne daga kwaikwayon waƙoƙin wa'azi. Waƙa irin Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, gargaɗi ce ga jama'a, kuma mai gargaɗi yana da damar tsoratarwa. Waƙar tuba kuwa bawa ne yake cewa "ni" a gaban Ubangijinsa. Idan ya ɗauko kalmomin tsoratarwa ya ɗora wa kansa, ya tashi daga mai roƙo ya koma alƙalin da ke yanke wa kansa hukunci. Ga misalin irin baitin da muke nufi:

Ni ne mafi muni cikin bayi,
Ba na zaton samun rabo gobe.

A kunne yana kama da tawali'u, amma a duba da kyau. Ɗangon farko da'awa ce da mai ita ba shi da ilimi a kanta, domin bai auna zukatan bayi ba, kuma akwai wani ɓoyayyen ji da kai a cikinta: ko a laifi ma sai ya zama na ɗaya. Ɗango na biyu ya fi haɗari, saboda munana zato ne ga Allah. Aya ta 53 a Suratuz Zumar ta hana waɗanda suka yi wa kansu ɓarna yanke ƙauna daga rahamarsa. Bai kamata a koya wa yara su rera kishiyar wannan a taro ba.

Maganin da muka fi ba ɗalibai shi ne su kalli tsarin addu'ar Sayyidul Istigfari, wadda Bukhari ya ruwaito kuma muke karantawa safe da yamma. Ba da laifi ta fara ba. Ta fara da tabbatar da cewa Allah ne Ubangiji Mahalicci kuma mai addu'ar bawansa ne, ta ambaci ni'imar da aka yi masa kafin ta ambaci zunubinsa, sannan ta roƙi gafara kai tsaye. Wato zunubin yana zaune a tsakiya, ni'ima a gabansa, roƙo a bayansa. Bari mu gina baitoci huɗu a kan wannan jerin, mu ɗauki laifin da kusan kowa ya sani, makara sallar Asuba. Mun zaɓi ƙwar biyu, gaɓa 10 a kowane ɗango, amsa-amon kuma "ka", don kowane baiti ya ƙare yana fuskantar Allah maimakon ya ƙare a kan mai waƙar.

Kai ne ka ba ni ci da sha kullum,
Ban gode ba, na manta baiwarka.

Ladan yana kira ina kwance,
Na zaɓi barci kan kiran naka.

Baiti na biyun nan shi ne inda tawali'un yake, kuma babu kalmar zagi ko ɗaya a cikinsa. Akwai ladan, akwai kwanciya, akwai aikatau guda mai nauyi: "na zaɓi". Mai waƙar bai ce shaiɗan ya rinjaye shi ba, bai ce sanyin hunturu ne ko gajiyar kasuwa ba. Ya ɗauki laifin a kansa. Haka addu'ar Annabi Adamu da Hauwa'u take a aya ta 23 ta Suratul A'araf, da ta Annabi Yunusa a aya ta 87 ta Suratul Anbiya: amsa laifi a taƙaice, babu uzuri, babu kuma dogon tsine wa kai. Wanda ya kira kansa ƙazami da la'ananne a baiti goma bai faɗi abin da zai daina ba. Wanda ya ce ya zaɓi barci ya nuna ainihin wurin gyara.

Sai dai akwai iyaka a nan. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya yi kashedi ga mai aikata saɓo da dare, Allah ya rufa masa asiri, gari ya waye ya tona wa kansa. Don haka ba kowane laifi ake kawowa da siffarsa ba. Sakaci da salla, ɓata lokaci, saurin fushi, waɗannan ana iya ambata. Abin da Allah ya suturta na alfasha a bar shi a dunƙule, kada a faɗi wuri ko lokaci, balle wanda aka yi da shi.

Yau ga ni na dawo da laifina,
Bai kai ga faɗin gafara taka.

Tashe ni gobe kan kiran farko,
Ba zan iya ba sai da ikonka.

A baiti na uku ba a rage girman laifin ba, an dai ajiye shi kusa da abin da ya fi shi girma. A na huɗu roƙon ya zo a yanke. Annabi (SAW) ya hana mai addu'a ya rataya neman gafararsa da cewa idan Allah ya ga dama, ya umarce shi ya roƙa da azama, saboda haka kalmomi irin "wataƙila" da "ko za ka" ba su da gurbi a wannan baiti. Ɗangon ƙarshe kuma shi ke tsare waƙar daga ɗaya ramin, wato alfahari da tuban. Mun sha ganin waƙar da ta gudu daga baƙin ciki ta faɗa cikin "yanzu na shiryu, saura ku". Da zarar "ku" ta shigo, an koma wa'azi.

Idan waƙar ta yi tsawo, akwai gwaji mai sauƙi. A ɗauki biro a sa alama a gefen kowane baiti: wannan ni'ima ce, wannan laifi, wannan roƙo, wannan ƙuduri. In baitocin laifi da azaba sun haura rabi, ko kuma su ne suka rufe waƙar, a sake jeri. Ambaton mutuwa da hisabi yana da wurinsa, baiti ɗaya ko biyu a tsakiya sun isa su farkar da zuciya. In akwai amshi, a sa shi ya zama roƙo, domin shi yara za su riƙa maimaitawa a hanyar gida.

Abu ɗaya ne baiti ba ya iya yi. Malamai sun ce tuba na da sharuɗɗa uku, barin laifin, nadama, da ƙudurin rashin komawa, sai na huɗu idan haƙƙin mutum ne: mayar masa da abinsa ko neman yafewarsa. Mai waƙar da laifinsa tauye tiya ne a kasuwar hatsi, ko bashin da ya danne, ya fara zuwa wurin mai haƙƙin kafin ya zauna neman amsa-amo. In ya dawo, sai ya sa zuwan nasa a baitin ƙuduri.