Wasiƙar neman kuɗi bayan an sayi jabu

Kusan duk rasit ɗin da ake bayarwa a shagunan waya yana ɗauke da wani ɗan rubutu a ƙasa: kayan da ya fita ba a dawo da shi. Mutane da yawa da zarar sun karanta sai jikinsu ya yi sanyi, su ce an bar wa Allah. Alhali dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a Najeriya, ba ta yarda mai shago ya fake da wannan rubutu ba idan abin da ya sayar ba shi ne abin da ya faɗa ba. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da zancen, suna kiransa hiyarul aibi, wato damar mayar da kaya idan aibin da aka ɓoye ya bayyana.

Matsalar ita ce yadda ake neman haƙƙin. Yawanci a koma shago ne a yi ta ɗaga murya, jama'a su taru su ba da haƙuri, a watse ba a samu ko kwabo ba. Wasiƙa ta fi hayaniya aiki, domin ba mai shagon kaɗai ne zai karanta ta ba. Gobe tana iya kaiwa hannun shugaban kasuwa ko alƙali, mutanen da ba su nan lokacin ciniki. Da su a zuci ya kamata a rubuta ta.

A ɗauki misalin malamin makarantar da ya sayi waya a Kano kan naira 185,000, an ce masa sabuwa ce dal ta kamfani, mai ma'ajiyar 256GB. Bayan kwana biyar ta soma ƙin karɓar hotuna, ga shi abin da ya zuba bai kai 30GB ba. Wannan tsohuwar dabara ce: ana sauya manhajar wayar ta riƙa nuna babbar lamba, ma'ajiyar ciki kuwa ƙarama ce. Kafin ya ɗauki biro, sai ya danna *#06# ya kwafe lambar IMEI mai alƙaluma 15, ya gwada ta da wadda ke jikin kwali. Idan sun saɓa, ya samu hujja. Idan sun dace ma bai isa a ce gangariya ce ba, don masu jabu suna kwafar lambar wayar gaske su manna. Shi ya sa ya kai ta ofishin gyara na kamfanin, ya roƙi su rubuta masa abin da suka gani. Ga abin da ya aika:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Ranar 3 ga Maris na sayi waya a shagonka kan naira 185,000, na biya ta taransifa, aka ba ni rasit mai lamba 0412. Yaronka ya tabbatar mini ta kamfani ce. Ranar 10 ga wata ofishin kamfanin ya duba ta, ya rubuta cewa ba ƙirarsu ba ce. Na haɗa kwafin rasit, shaidar banki da takardarsu. Ina neman a mayar mini da kuɗina cif cikin kwana 14, ni kuma in kawo wayar da kwalinta da cajarta. Idan wa'adin ya wuce, zan kai maganar gaban shugabannin kasuwa da hukumar kare haƙƙin masu saye. Na gode."

Babu inda ya kira shi ɓarawo ko macuci, kuma da gangan ne. Mai yiwuwa shi ma Alhajin dila ne ya cuce shi a sari, kuma wanda aka bar wa ƙofar fita da mutuncinsa ya fi saurin biya. Ban da haka, zagi a rubuce makami ne ka miƙa wa abokin shari'arka. Bai kuma ce "a duba lamarin" ba, ya faɗi adadin kuɗi da ranar ƙarshe. Wanda ya bar buƙatarsa a buɗe, canji za a ba shi daga kwalin da jabun ya fito.

Abu biyu ke yawan ɓata irin wannan ƙorafi. Na farko, kai wayar wurin mai gyaran bakin titi ya buɗe ta. Daga nan mai shago zai ce a can aka sauya kayan ciki, kuma da wuya a ƙaryata shi. Na biyu, miƙa asalin rasit tare da wasiƙar. Kwafi ake bayarwa. Haka wasiƙar, a yi ta biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan taka. In ya ƙi, a je da shaida, a kuma tura hotonta ta WhatsApp.

Kotun ƙananan ƙararrakin kuɗi da aka buɗe a Kano a 2019 ba ta buƙatar sai ka ɗauki lauya, amma za ta nemi shaidar cewa ka fara neman kuɗinka a rubuce. Don haka ka adana kwafin da aka sa wa hannu tare da rasit ɗinka, kada kuma ka saki wayar sai kuɗin sun shigo.