A Cire Allon Kawai: Yadda Ake Rubuta wa Mai Hoto Saƙon Gyara

Hoton ranar yaye ɗalibai ba a sake ɗaukarsa. Rigar aro ce, an mayar da ita, 'yan uwan da suka zo kuma kowa ya koma garinsu. Shi ya sa idan hoton ya fito aka ga wani allon talla ya tsaya a bayan ɗalibi, rubutunsa ya fi fuskar mai bikin jan ido, abin da ya rage shi ne a koma wa mai hoto. Yawanci saƙon da ake tura masa bai wuce "a ɗan gyara mana hoton nan" ba. Shi kuwa a wurinsa gyara ya haɗa da goge fuska, ƙara hasken fata, sauya bango da yanke gefe. Sai hoto ya dawo babu allo, amma Hajiya ta yi farin da ba nata ba, tsagar fuskar Baba ta ɓace.

A ce wani matashi ne daga Kanya Babba ta ƙaramar hukumar Babura ya kammala karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. An ɗauke shi hoto a bakin titi, mahaifinsa a dama, mahaifiyarsa a hagu, ƙannensa biyu a gaba. A bayansu akwai katangar bulo da bishiyar darbejiya, sai kuma wani allo ruwan ɗorawa na mai sayar da katin waya, a kan ƙarfe. Gefen allon ya shige bayan mayafin mahaifiyar, inuwar ƙarfen kuma ta kwanta a ƙasa.

Kafin a rubuta komai, ya kamata a san abin da mai hoto zai yi. Kyamara ba ta ga abin da ke bayan allon ba, saboda haka idan an goge shi, rami ne zai rage. Mai hoto zai cike ramin ne da abin da ya kwaso daga wani sashe na hoton. A manhajar Photoshop akwai Clone Stamp, wanda ke kwafo bulo daga nan ya liƙa can, akwai kuma Content-Aware Fill da aka shigo da shi a 2010, wanda ke duba kewayen ramin ya cike da kansa. Inda allon ya tsaya a kan katanga zalla, aikin ba ya cin lokaci. Wahalar tana inda ya taɓa mutum. Idan mayafin shara-shara ne, launin allon yana ratsowa ta cikinsa, sai an bi bakin mayafin da hannu a hankali, sannan a rage ɗorawar da ta shiga yadin. Nan ne kuɗin aiki ke ƙaruwa, nan ne kuma mai gaggawa ke gutsure kafaɗar mutum.

To ga yadda saƙon ya kamata ya kasance:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Game da hoton da ka ɗauke mu ranar yaye mu a Kazaure, wanda muke mu biyar a gaban katanga. Don Allah ina so a cire allon nan ruwan ɗorawa da ke bayan kafaɗar mahaifiyata, tare da ƙarfensa da inuwarsa ta ƙasa. Na zagaye shi da jan layi a kwafin da na haɗo. A cike wurin da katanga irin ta gefensa. Ban da wannan kada a taɓa komai: fuskoki, launin fata, tsagar fuskar Baba, launin riga da tuntun hula, bishiyar, duk a bar su yadda suke. Kada a yanke gefen hoton. A yi aikin a kan asalin hoton da ke kyamararka, a ajiye min na asalin daban. Ka faɗa min kuɗin aikin, kuma ina so in gani kafin a wanke. Na gode, Allah Ya ƙara buɗi."

Kowace jimla a ciki tana toshe wata kafa. An ambaci ƙarfe da inuwa domin sau da yawa akan goge allo a manta da inuwarsa, ta zauna a ƙasa babu abin da ya yi ta. An zagaye allon a kan kwafi domin kalmar "allo" kaɗai na iya sa a goge har da wanda ke ɗauke da sunan makaranta, alhali shi ne shaidar inda aka yi bikin. An kuma jera abubuwan da za a bari ɗaya bayan ɗaya, domin abin da mai hoto ya saba yi wa kowane hoto, ba zai ɗauke shi a matsayin canji ba sai an ambata masa.

Maganar asalin hoto ita ma tana da dalili. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, tsawonsa ya koma wajen fiksel 1600. Wankin hoto mai kyau yana bukatar fiksel 300 a kowane inci, wato hoton inci 8 da 10 yana son fiksel 2400 da 3000. Wanda aka matse bai wuce inci biyar da ɗoriya ba, in aka ja shi ya kai girman firam sai bakin mayafin da aka gyara ya yi dishi-dishi. Idan asalin yana wayarka ne, tura shi ta Document, ko ka kai shi a filashi.

Yankan gefe kuma yakan faru ne a wurin wanki. Yawancin manyan kyamarori suna ba da hoton da ya dace da inci 8 da 12. In aka ce a wanke shi a 8 da 10, dole a zubar da inci biyu, kashi ɗaya cikin shida na tsawonsa ke nan, wanda ya tsaya a gefe kuma shi zai rasa hannu. Sai a zaɓi 8 da 12, ko a ce a bar farin gefe.

Idan aikin ya dawo, a buɗe shi kusa da na asali, a ƙara girmansa a duba inda allon yake. Layin bulo ya miƙe ko ya karye? Akwai tabo guda da ya maimaitu sau biyu ko uku a jere? Wannan alamar kwafi ce. Bakin mayafin yana nan da kaifinsa ko ya narke cikin katanga? Daga nan a dubi fuskoki ɗaya bayan ɗaya.

Wannan gyara na hoton iyali ne, wanda za a rataye a falo. Hoton labarai dokarsa daban. A Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da mai ɗaukar hoto Narciso Contreras saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. Haka nan idan hoton zai zama hujja a wani ofis, na asalin ake kaiwa.

Don haka mai karatu, kafin ka tura saƙo, faɗi abin da za a cire da inda yake, jera abin da za a bari, ka nemi gani kafin a wanke, kuma kada ka yarda a goge na asalin.