Kafin ki sa hannu a takardar kaya

A gidan abinci, asara ta fi shigowa ta ƙofar baya, da sassafe, lokacin da mai kawo kaya yake sauri, mai karɓa kuma hankalinta na kan tukunya. Da zarar an sa hannu a takarda mai kaya ya juya, duk abin da aka tarar a cikin kwali ya zama na mai gida. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a sana'ar ba sa cinikin biri a sama. Sai sun buɗe, sun auna, sun shinshina.

A fara da kifi, domin shi ya fi saurin lalacewa. Daskararren kifi irin taitus da ake kawowa a kwali ana ajiye shi ne a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, don haka ya kamata ya iso da tauri kamar dutse. Ki duba gindin kwalin tukuna. Idan ya jiƙe ya yi laushi, ko kika ga jini ya daskare a ƙasan leda tare da manyan dunƙulen ƙanƙara, to kifin ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, ƙila wuta ce ta ɗauke a wurin ajiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Taitus da danginsa idan suka daɗe cikin ɗumi, ƙwayoyin cuta kan haifar da wani sinadari a namansu mai suna histamin. Suya ba ta kashe shi, dahuwa ma haka. Wanda ya ci sai fuskarsa ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo, sau da yawa kafin awa ɗaya.

Ɗanyen kifi kuwa idonsa ne shaidarsa. Sabo idonsa garau yake, a cike, wanda ya kwana kuma idon ya faɗa ya yi hazo. Ki ɗaga murfin da ke gefen kansa, wurin da yake numfashi: ja ake so a gani, ba ruwan ƙasa mai yauƙi ba. Sannan ki danna jikinsa da yatsa. In shatin yatsan ya zauna bai taso ba, ki mayar masa da abinsa.

Nama iri biyu ne, kowanne da hukuncinsa. Wanda ya fito daga firij, kamar kajin gona, kada ya wuce digiri 5. Ana soka tsinin ma'aunin zafi a tsakiyar tsoka mafi kauri, a jira lambar ta tsaya, a kuma wanke tsinin kafin a soka a wani. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke samun sarari, wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. Amma naman da aka yanka da asuba a mayanka da ɗuminsa yake zuwa, ma'auni ba zai gaya miki komai ba. A nan sai ki tambayi mahauci lokacin yanka, ki duba ko naman na da santsi ko tsami, sannan ya wuce tukunya ko firij nan take.

Sai sikeli. A ce kin yi odar nama kilo 20, aka ɗora shi cikin roba, sikeli ya nuna 20 cif. Idan robar da ruwan jinin da ya taru a ƙasanta sun kai kilo ɗaya da rabi, naman da kika samu kilo 18 da rabi ne. In kilo na kan naira 7,000, kin biya naira 10,500 kuɗin roba da ruwa. Maganin shi ne ki auna robar ita kaɗai tukuna, ki tsiyaye ruwan, ki kuma yi awon da sikelinki a gaban mai kaya.

Kayan miya ba su da wuya. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a kasuwar Yankaba ta Kano ya san manya masu kyau a sama ake jera su. Ki juye kwandon a faffaɗan daro ki ga na ƙasa, domin can ne nauyi yake fasa su. Alayyahu da latas kuma a buɗe ɗaurin, daga tsakiya suke fara ruɓa.

Duk abin da kika ƙi karɓa, ki rubuta shi a takardar da dalilinsa da nauyinsa, ku sa hannu ku biyu kafin ya tafi. Mai kaya da ya san ana buɗe kwali a ƙofarki, gobe mai kyau zai zaɓo miki.