Takalmi Ɗaya, Fuska Goma Sha Takwas

A Kasuwar Kofar Wambai da ke Kano, mai takalman fata ba ya buɗe rumfa don baƙi, wata don ja. Samfuri ɗaya yake ajiyewa a gaba. Mai saye ya faɗi kalarsa da lambar ƙafarsa, yaron shago ya shiga ciki ya ɗauko. Amma da yawa daga cikin masu sayarwa ta intanet, da sun zo ɗora kaya sai su manta da wannan tsari, su buɗe wa kowace kala da kowace lamba shafinta daban.

A ɗauki takalmi mai kala uku, baƙi da ja da ruwan ƙasa, daga lamba 40 zuwa 45. Uku sau shida, iri 18 ke nan. Idan kowanne ya samu shafinsa, ranar da kuɗin fata ya tashi sai an bi shafi 18 ana gyara bayani, kuma da wuya a gama ba a tsallake ɗaya ba. Ra'ayoyin da masu saye suka rubuta su ma sun warwatse, biyu nan, ɗaya can. Wanda ya faɗo kan shafin lamba 41 alhali 43 yake sawa, sau da yawa juyawa yake yi, bai san nasa na nan ba.

Maganin shi ne shafi ɗaya mai zaɓi a ciki. A Amazon ana kiran tsarin uwa da 'ya'ya: uwar ba a sayenta, aikinta ta haɗa 'ya'yan wuri ɗaya, su ne kayan gaske masu farashi. A WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafin WordPress kanti, mai kaya zai zaɓi "Variable product", ya shiga "Attributes", ya rubuta zaɓuɓɓukan yana raba su da tsayayyen layi:

```
Kala: Baƙi | Ja | Ruwan ƙasa
Lamba: 40 | 41 | 42 | 43 | 44 | 45
```

Sai ya sa alama a "Used for variations", ya danna "Generate variations", manhajar ta haɗa masa iri 18 ɗin da kanta.

Nan ne aikin gaske yake farawa, nan kuma aka fi yin ganganci. Shafin ɗaya ne, amma lissafin kaya ba ɗaya ba ne. Kowane iri yana buƙatar farashinsa, da yawan da ke ajiye, da lambar shaidarsa, wato SKU, kamar `TKL-BAK-42` ga baƙi lamba 42. A ce mai kaya yana da takalmi 60 a sito, ya rubuta 60 a kan shafin gaba ɗaya bai raba ba. Baƙi lamba 42, wanda ya fi tafiya, guda huɗu ne kawai. Mutum na biyar zai biya kuɗi lafiya lau, domin a wurin manhajar saura 56. Daga nan sai kiran waya, da ba da haƙuri, da mayar da kuɗi. Alamar wannan cuta a bayyane take: shafi yana cewa akwai kaya, sito yana cewa babu.

Farashi ma haka: irin da aka bari babu farashi, WooCommerce ba ya barin a saye shi. Hoto kuwa kowace kala a ba ta nata, don wanda ya taɓa ja ya ga ja; lambobi ba sa buƙatar hoto daban.

Abin yana da iyaka, domin lissafin ninkawa yake yi. Ƙara zaɓi na uku, ƙasan roba ko na fata, 18 ta koma 36. Da zarar iri ya haura 30, WooCommerce a saitinsa na asali yana daina ɓoye haɗin da babu shi, sai mai saye ya gama zaɓe sannan a ce masa ba a samu ba. Shopify kuma zaɓi uku kacal yake yarda da su a kaya ɗaya.

Sannan ba duk mai kama ne ɗan'uwa ba. Takalmi mai rufi da silifa kaya biyu ne, ko da fatarsu ɗaya. Wasu na cusa sabon kaya ƙarƙashin tsohon shafi don ya ci albarkacin yabon da aka tara. Amazon ta haramta haka, kuma tana iya raba su ko ta sauke shafin. Gwajin da masu harkar ke yi mai sauƙi ne: idan suna ɗaya da bayani ɗaya za su dace da duka ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba, a haɗa su. Idan sai an sake rubuta bayanin, a buɗe masa shafinsa.