Kafin Ka Tura Sanarwar Neman Akawu

Sanarwar da ta fi yawo a wayoyinmu layi ɗaya ce: "Ana neman akawu mai gaskiya da himma, wanda ya iya kwamfuta." Sai lambar waya a ƙasa. Matsalar ita ce babu mai neman aiki da zai ce shi ba mai gaskiya ba ne, kuma wanda ya taɓa buga takarda a shagon kwamfuta ma zai ce ya iya. Takardu sai su taru, mai kamfani ya rasa ma'aunin tacewa, a ƙarshe ya ɗauki wanda aka fi yi masa magana a kansa. Bayan wata biyu sai ƙorafi ya tashi: maigida ya ce yaro ba ya aikinsa, yaro ya ce ba a taɓa gaya masa wannan aikinsa ba ne. Kowa da gaskiyarsa, domin tun farko ba a rubuta aikin ba.

Mu ɗauki misalin ƙaramin kamfanin sarin shinkafa, sukari da man girki a kasuwar Singa ta Kano, mai ma'aikata tara. Har yanzu maigida da ƙaninsa ne ke riƙe da takardu, kuma abin ya fi ƙarfinsu. Kafin su rubuta ko kalma ɗaya, su sayi ƙaramin littafi su yi mako guda suna rubuta kowane aikin takarda da ya ratsa ta hannunsu, da yawansa, da lokacin da ya ci. A ce a ƙarshen mako sun tarar ana yanka rasidi kusan 40 a rana, manyan motoci uku na sauke kaya a mako, akwai 'yan kiri 25 da ke karɓar kaya bashi, sannan ana zuwa banki sau biyu. Wannan ɗan littafin shi ne asalin bayanin aikin. Abin da ya rage tsara shi ne kawai.

Sau da yawa a nan ne ake gano cewa aiki biyu ake son ɗora wa mutum ɗaya. Maigida yana son wanda zai rubuta rasidi, ya buɗe sito ya fitar da kaya, sannan ya ƙirga abin da ya rage. Ni dai shawarata kada a yi haka, ko da ɗan cikinka ne. Idan hannu ɗaya ne ke rubutawa, ke fitarwa, ke ƙirgawa, ranar da buhu biyar suka ɓace babu takarda ta biyu da za a kwatanta, kuma zargi zai faɗa kan mutumin da wataƙila kuskuren lissafi kawai ya yi. Akawu ya rubuta, mai sito ya fitar, ranar Asabar a haɗa littattafan biyu a gani ko sun dace. Raba su kariya ce ga dukiya, kariya ce kuma ga mutuncin ma'aikacin.

Wurin da aka fi yin shiru, kuma nan ne rigima ta fi tashi, shi ne iyakar iko. Akawu zai karɓi tsabar kuɗi, ko rubutawa kawai zai yi? Idan mai saye ya nuna saƙon banki a wayarsa ya ce ya tura kuɗi, wa zai tabbatar sun shiga kafin a saki kaya? Duk ɗan kasuwa ya san labarin saƙon tura kuɗi na bogi. Idan tsohon abokin ciniki ya zo maigida ba ya nan ya ce a ba shi buhu 20 zuwa Juma'a, akawu na da ikon cewa to? Sannan wa yake ba shi umarni? A kamfanin iyali, maigida zai ce a yi kaza, ƙani ya ce a bari, babban ɗa ya aike shi wani wuri. A rubuta mutum ɗaya.

Idan aka amsa waɗannan, bayanin zai fito kamar haka: "Akawun ciniki, ofishinmu na kasuwar Singa. Aiki daga Litinin zuwa Asabar, ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, da hutun salla da cin abinci. Kullum zai yanka rasidi kusan 40, ya shigar da cinikin ranar a Excel kafin a tashi. Zai kwatanta takardar kowace mota da ƙidayar mai sito, ya kai rahoton duk wani bambanci a ranar. Kowace Alhamis zai fitar da jerin masu bashi da abin da ake bin kowa. Ba zai riƙe mabuɗin sito ba, ba zai ba da bashi ba, kuma manaja ne ke tabbatar da shigar kuɗi. Manaja kaɗai yake amsa wa." Duba yadda kowace jimla ke ɗauke da aiki da lokacinsa. "Zai taimaka da harkar kuɗi" ba ta gaya wa kowa komai.

Akwai wata jimla da ake son liƙawa a ƙarshe, wato "da duk wani aikin da aka sa shi". Da ita ake mai da akawu ɗan aike, mai ɗauko yara daga makaranta, mai biyan kuɗin wuta na gidan maigida. Idan har za a sa ta, a ɗaure ta: "da sauran ayyukan takardu na wannan ofis".

Game da takardun karatu, a nemi abin da aikin ke buƙata. Wannan aiki na mai shaidar sakandare ko difloma ne wanda hannunsa ya faɗa a lissafi. Ka ce sai mai digiri, ka sami wanda zai zauna wata huɗu yana jiran babban aiki. Maimakon "iya kwamfuta", a faɗi cewa za a yi gwajin minti 20: a ba shi tsofaffin rasidi goma, ɗaya da kuskuren jimla a ciki, ya shigar da su ya tara. Wanda ya tsaya ya ce wannan bai daidaita ba, shi ake nema.

Albashi kuwa a rubuta shi da lamba, da ranar biya, da ko akwai kuɗin abinci ko na mota. "Sai mun zauna" na korar ƙwararre, ya bar maka wanda ba shi da zaɓi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa a Najeriya ya koma naira 70,000 a 2024. Dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma masu neman aiki da wannan adadin suke auna tayinka.

Bayanin aikin ba ya ƙarewa da ɗaukar mutum. Dokar ƙwadago ta Najeriya, wadda ta haɗa da masu aikin akawu, ta wajabta a ba ma'aikaci rubutacciyar takarda cikin wata uku da fara aiki, mai nuna irin aikin, albashi, awannin aiki, hutu da wa'adin sanarwar barin aiki. Wanda ya cika shekara yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da albashinsa. Idan bayanin ya fito sarai tun farko, kwafe shi kawai za a yi cikin wannan takarda.

Kafin a tura sanarwar, a miƙa ta ga mai sito ko direban kamfanin ya karanta, sannan a tambaye shi: ranar Alhamis da rana me wannan mutumin zai kasance yana yi, kuma idan kwastoma ya nemi bashi wa zai kira? Idan ya yi jim yana tunani, a koma kan layin da ya tsaya a gyara shi.